Matan da rajistar awon ciki ke cewa sun ɓace

Duk shekara, idan lokacin zaɓen batun memuwar, wato binciken kammala karatu, ya zo, ɗalibai masu koyon aikin ungozoma da na jinya sukan kawo mini takardunsu, kuma da wuya in buɗe guda biyar ban tarar da biyu masu take iri ɗaya ba: dalilan da ke hana mata zuwa awon ciki a Maradi. Batun yana da kyau, kuma na san abin da ke jawo su gare shi. Sun yi istaji, sun ga mace ta iso ɗakin haihuwa da kumburin ƙafa da ciwon kai, an nemi karne ɗinta an tarar awo ɗaya ne tak a ciki. Wanda ya ga haka dole ya so sanin dalili. Abin da ke damuna shi ne hanyar da akasari suke bi. Sai ɗaliba ta buga takardar tambayoyi, ta zauna a rumfar jira ta CSI, wato likitar unguwa ko ta ƙauye, ta tambayi mata ɗari me ya sa mata ba sa zuwa awo. Ai waɗanda ke rumfar sun zo. Wadda ba ta zo ba tana gida tana daka, ko tana gona, ko tana garin iyayenta. Amsar da za a samu zato ne na waɗanda suka zo a kan waɗanda ba su zo ba, kuma kusan kullum abu uku ne: nisa, rashin kuɗi, miji bai yarda ba. Ana iya rubuta wannan ba tare da an bar aji ba.

Akwai tambayar da ta fi wannan ƙanƙanta, wadda ɗaliba za ta iya amsawa da gaske cikin wata biyu ko uku, ba tare da kuɗi mai yawa ba: cikin matan da suka fara awo a wannan likita, nawa ne suka kai awo na huɗu, kuma waɗanda ba su kai ba, a ina suka tsaya? Ita nake so in bi daga farko har ƙarshe, domin akwai ramuka a hanyarta da na ga ɗalibai masu ƙoƙari sun faɗa ciki.

Dalilin da ya sa gibin nan ya cancanci bincike yana cikin alƙaluman ƙasa. Binciken lafiyar iyali da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna kusan kashi 83 cikin 100 na mata sun je awo aƙalla sau ɗaya, amma wajen kashi 33 ne kawai suka kai sau huɗu. Wato matan sun san hanyar likita, sun taka ta, sannan fiye da rabinsu ba su cika ba. Kuma tun 2006 hukuma ta ayyana awon ciki kyauta, ko da yake gwajin jini da eko galibi sai an biya, ga kuɗin kabu-kabu. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga shawararta daga awo huɗu zuwa haɗuwa takwas, ta farko kafin ciki ya wuce mako 12, sauran a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Amma CPN4, wato awo na huɗu, ita ce ma'aunin da aka daɗe ana dubawa a rahoto, kuma wanda bai fahimci abin da ke tsakanin ɗaya da huɗu ba, ba zai fahimci takwas ba.

Rami na farko shi ne rahoton wata-wata. Ɗaliba takan je wurin manjo, ya ba ta jimillar da aka shigar a DHIS2, manhajar tattara alƙaluman lafiya: a watan Maris mata kaza sun yi CPN1, mata kaza sun yi CPN4. Sai ta raba na biyu da na farko ta ce ga kason waɗanda suka cika. Wannan lissafi bai tsaya ba, domin matan da suka yi awo na huɗu a Maris sun fara ne tun Nuwamba ko Disamba. Mutane daban ne. Idan a Maris an yi gangamin wayar da kai, ko an kawo sange ana rabawa ga masu awon farko, sababbi za su yi yawa, kason ya faɗi, alhali babu abin da ya lalace. Idan damina ta faɗi sababbi suka ragu, kason ya hau, alhali babu abin da ya gyaru. Haka ma idan aka raba da adadin cikin da ake tsammani a yankin: wannan adadi ƙiyasi ne da ake fitarwa daga ƙidayar jama'a ta 2012 ana ƙara masa kaso kowace shekara, kuma likitar da ke bakin birni tana karɓar mata daga ƙauyukan da ba a lissafa mata ba. Shi ya sa wani lokaci za ka ga an rubuta kashi 120 cikin 100. Duk ɗalibar da ta ga lamba ta wuce ɗari, ta san matsalar tana cikin abin da aka raba da shi.

Abin yi shi ne a bi matan da kansu, ɗaya bayan ɗaya. A zaɓi likita ɗaya. A ɗauki dukan matan da suka yi awon farko cikin wata uku na bara, misali Janairu zuwa Maris, domin zuwa yanzu kowace ta sauka, labarinta ya kammala. Wanda ya ɗauki watannin baya-bayan nan zai lissafa mace mai cikin wata shida a matsayin wadda ta gudu, ita kuwa ranarta ce ba ta zo ba. Sannan a buɗe rajista. In irin wadda ke ba kowace mace layi ɗaya ce, ana cike mata gurbi duk zuwa, aiki ya zo da sauƙi. In kuwa kowane zuwa sabon layi ake buɗewa, sai an bi shafi-shafi ana haɗa lamba da suna da unguwa da sunan miji, kuma a nan ake shan wahala, don a unguwa ɗaya ana iya samun mata biyar masu suna ɗaya, wata kuma yau ta ba da sunan yanka, gobe ta ba da laƙabi. Ina shawartar ɗalibai su zauna da ungozomar da ta cike rajistar, ko da na yini ɗaya ne. Ita ta san cewa wadda aka rubuta a shafi na goma ita ce ta shafi na arba'in. Ita kuma za ta faɗa maka abin da take nufi da CPN4: zuwa na huɗu ko yaushe ya faɗo, ko kuwa zuwan da aka yi a watan tara. Ma'aikata ba su haɗu a kan ma'ana ɗaya ba, kuma dole ɗaliba ta zaɓi ɗaya ta rubuta ta a fili cikin aikinta.

Abin da za a kwafa daga kowane layi kaɗan ne: shekarun matar, ciki na nawa ne, unguwa ko ƙauye, tsawon mahaifa ranar awon farko, ranar kowane zuwa, da ko an ba ta Fansida da maganin ƙarin jini. Suna ba ya shiga takardar bincike. A ba kowace lamba, a ajiye jerin sunayen daban a hannun manjo.

Ɗalibai suna son lissafin yawan mutanen da za a ɗauka, domin malamai suna tambaya ranar kare aiki:

```
n = z² × p × (1 − p) / d²
```

A nan n shi ne yawan mutanen, z lambar matakin amincewa, p kason da ake tsammani, d kuma karkatar da aka yarda da ita. Idan aka sa z = 1,96, p = 0,5, d = 0,05, ana samun 384. Na sha ganin wannan 384 a memuwar da likitar da aka yi binciken ba ta ga sababbin mata 384 a wata ukun ba. A irin wannan aiki ba a buƙatar zaɓe. A ɗauke su duka, a faɗi cewa duka aka ɗauka.

Yanzu mu ƙaddara wani misali, lambobin na koyarwa ne don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce mata 240 ne suka fara awo cikin wata ukun, 84 suka kai na huɗu. Kashi 35 ke nan cikin 100. Da mutum 240, wannan lamba tana iya karkata da wajen maki 6 sama ko ƙasa, saboda haka gaskiyar magana ita ce tsakanin 29 da 41, kuma babu amfanin rubuta 35,00 kamar an auna da sikelin zinariya. Ɗalibai da yawa a nan suke tsayawa, su rubuta cewa mata 156 sun yi watsi da awo, su ba da shawarar a ƙara wayar da kai. A ganina a nan ne aikin yake farawa.

A raba matan gwargwadon girman cikin ranar da suka fara. A ce 36 sun zo kafin wata huɗu, 132 sun zo tsakanin wata huɗu da shida, 72 sun zo a wata bakwai ko bayansa. A rukunin farko 24 suka kai awo na huɗu, a na biyu 57, a na uku 3 kacal. Dubi rukuni na ukun nan da kyau. Matar da ta fara a mako na 30, aka riƙa ba ta rana wata-wata, za ta zo a mako na 34 da na 38, na huɗun kuma ya faɗo a mako na 42, ta riga ta haihu. Ba ta saɓa rana ko ɗaya ba. Duk abin da aka ce ta yi ta yi, amma rahoto ya sa ta cikin masu gudu. Cikin 156 ɗin da aka ce sun yi watsi, 69 irin wannan ne, kusan rabi. Idan aka ware su aka dubi mata 168 da suka fara da sauran lokaci, 81 sun cika, wato kashi 48. Ashe cuta biyu ce aka haɗa a suna ɗaya: jinkirin farawa, da yankewa a tsakiya. Maganinsu ma daban ne. Ta farko tana buƙatar aiki a unguwa da cikin gida, da kuma matso da ranaku kusa da juna a watannin ƙarshe kamar yadda jadawalin 2016 ya tsara. Ta biyu tana buƙatar a dubi abin da ke faruwa a cikin likitar kanta.

Jinkirin farawa ba maganar cika gurbi a rajista kaɗai ba ce. Fansida, maganin kare mai ciki daga zazzaɓin cizon sauro, ana fara shi daga mako na 13, ƙwaya uku a haɗiye gaban ma'aikaciya, a bar aƙalla wata ɗaya tsakanin sha da sha, ana so a samu aƙalla sau uku. Matar da ta ratsa Agusta da Satumba na Maradi da cikin wata biyar ba ta taɓa zuwa awo ba, ta wuce lokacin da sauro ya fi yawa babu kariya, babu ƙwayar ƙarin jini, ba a taɓa auna hawan jininta ba. Ko ta zo sau uku daga baya, waɗancan watanni sun wuce.

Sai dai dukan wannan rabo ya dogara da sanin girman ciki, kuma nan ne wurin da ya fi rauni. Na taɓa tsayawa bayan wata ɗaliba tana cike takarda. Matar tana zaune a bakin gado, goyo a baya, ta naɗe karne cikin leda. Ɗalibar ta ce, "Yaya, yaushe rabonki da ganin wata?" Matar ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni tun haihuwar wannan ban gani ba. Motsi kawai na ji." Ɗalibar ta juyo ta dube ni, biro a sama, ta ce, "Madam, me zan rubuta?" Na ce ta ɗauko ma'auni. Kwanika ba baƙon abu ba ne a nan, kuma ko wadda ta ga wata, da lissafin Azumi da Salla da shuka da girbi take riƙe shi. Saboda haka tsawon mahaifa ne abin dogaro a akasarin layuka. Ƙa'idar da muke koyarwa ita ce daga wata huɗu zuwa bakwai a ninka watan sau huɗu: santimita 16 a wata huɗu, 20 a biyar, 24 a shida, 28 a bakwai. Amma tagwaye suna ƙara tsawon, jaririn da bai girma da kyau ba yana rage shi, hannu biyu ma suna iya bambanta da santimita biyu a ciki ɗaya. Don haka kada a yi lissafi da mako-mako kamar an yi eko. A tsaya a manyan rukuni uku, a faɗi inda aka ja layi. Akwai kuma alamar da ke nuna rajistar da ba a auna ba aka cike: idan ka jera lambobin ka ga kusan duka 20 ne da 24 da 28, babu 21 babu 23 babu 26, to an tambayi watan ne aka ninka. Ɗaliba ta lura da wannan ta rubuta shi cikin iyakokin aikinta, ba don ta tona asirin kowa ba, don mai karatu ya san nauyin da zai ɗora wa lambar.

Saura mata 87 da suka fara da lokaci amma ba su cika ba. Rajista ta ce sun ɓace. Abin da rajista ta sani kawai shi ne ba su dawo wannan ɗaki ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san goyon ciki: mai cikin fari, idan wata bakwai ya kama, takan koma gidan iyayenta ta haihu a can. Yarinyar da aka kawo aure Zariya ko Ali Ɗan Sofo daga Tibiri ko Madarunfa ko Gidan Runji tana iya yin awo biyu a birni, biyu a garinsu. Wata an tura ta cibiyar kula da uwa da yaro saboda hawan jini, ta ci gaba a can. Wata ta yi ɓari. Wata ta haihu bakwaini. Wata ta bi miji ƙetaren iyaka wajen Jibiya ko Katsina. Alamar farko tana cikin teburin ɗalibar: idan masu cikin fari ne suka fi yankewa, kuma yankewar ta taru a wata na bakwai, goyon ciki ne ya fi kusa, kafin a ce ƴan mata ba su san muhimmancin awo ba.

Hanya ɗaya ce ta tabbatarwa, a je a ga karne, domin shi ke bin matar duk inda ta je. Ba a iya bin 87 da aljihun ɗaliba, amma ana iya bin 30. A rubuta lambobin a ƙananan takardu a zuba a ƙwarya a ciro, kada a zaɓi na kusa da titi. A tafi tare da wakilin lafiya na unguwa wanda matan suka sani. A ce cikin 30 an sami 24, kuma 9 daga ciki karne ɗinsu ya nuna sun cika huɗu a wani wuri. Talatin ba su isa a gyara kason da su daidai ba, amma sun isa a ce da ƙarfi kashi 35 ɗin nan ya gaza gaskiya, kuma a faɗi ta wane gefe. Shidan da ba a samu ba a rubuta su yadda suke, kada a jefa su cikin kowane rukuni.

Wannan mataki yana da haɗari, kuma ba na so a raina shi. Lambar wayar da ke rajista sau da yawa ta miji ce ko ta maƙwabci. Ana ɓoye ciki a watannin farko saboda kunya, saboda tsoron baki, saboda kishiya, saboda goyon da ke baya bai isa yaye ba. Wata kuma cikin ya zube, ba kowa ya sani ba. Ɗalibar da ta buga waya ta ce tana neman wance a kan maganar cikinta tana iya buɗe abin da matar ta rufe. Sai da takardar izini daga lakwal da kuma babban likitan gunduma, sai an keɓe da matar an gaya mata abin da ake so, an ce mata tana iya ƙi kuma ba abin da zai same ta. In aka shiga gida aka tarar jaririn bai zo da rai ba, ko uwar ce ta rasu, a rufe takarda a yi gaisuwa.

Sauran 15 da karne ya nuna lallai sun daina, su ne masu amsar tambayar da ɗalibar ta fara da ita, kuma yanzu ta same su da kansu. Kada a ce mata, "Me ya sa ba ki dawo ba?" Wannan tuhuma ce, amsarta kuwa "ban samu dama ba". A ce, "Inna, ba ni labarin ranar da kika je na ƙarshe. Ƙarfe nawa kika fita gida? Wa kika bar wa yara? Yaushe aka kira ki? Me aka ba ki?" Daga nan ne ake jin cewa ta fita bayan Asuba ba ta shiga ba sai gab da Azahar, ko an ce magani ya ƙare, ko an yi mata tsawa gaban mutane, ko ranar da aka ba ta ta faɗo Litinin ko Juma'a, ranar kasuwar Maradi, ita kuwa da abincin sayarwa take riƙe da gida. Kowace amsa ana iya gwada ta da takarda. In mata da yawa suka ce babu magani, a nemi katin ajiyar kaya na ɗakin magani a ga ko Fansida ko ƙwayar ƙarin jini ta yanke a watannin nan, a ɗora ranakun a kan ranakun da matan suka daina zuwa. In suka ce jira ne, a ba ɗaliba ta gaba wannan batu: ta tsaya bakin ƙofa da agogo tun kafin a buɗe, ta rubuta lokacin isowar kowace mace da lokacin da ta shiga da lokacin da ta fito, a ranaku daban-daban na mako.

Ɗalibar nan da ta tambaye ni abin da za ta rubuta, irin wannan aiki ta yi daga baya. Ta kwashe mako biyu a kan benci da rajista uku, ɗaya bangonta ya cire an ɗaure ta da zare. Ranar da ta kai wa ungozomar likitar sakamakon, matar ba ta tsaya kan kason ba. Teburin masu farawa a wata bakwai ta riƙe, ta bi shi da yatsa, ta ce, "Ɗiyata, waɗannan ai ni nake ba su wata guda." Ta jawo kalanda daga bango ta fara ƙirga mako biyu-biyu.